Kama Kunnen Jama'a Tun Daga Jimlar Farko

Tsakanin Sri Lanka da Turkiyya, a wace ƙasa yara ƙanana suka fi mutuwa? Tsakanin Poland da Koriya ta Kudu fa? Malesiya da Rasha? Pakistan da Vietnam? Thailand da Afirka ta Kudu? Waɗannan tambayoyi biyar su ne ƙashin bayan buɗewar jawabin da Hans Rosling, likita ɗan ƙasar Sweden, ya gabatar a taron TED na 2006 a garin Monterey na jihar California. Maudu'insa a ranar alƙaluman lafiya da tattalin arzikin ƙasashen duniya ne, abin da in an ba wani malamin zai sa rabin zaure gyangyaɗi kafin ya kai shafi na biyu. Rosling, wanda ya rasu a 2017, bai fara da alƙaluman ba. Ya fara da labarin wata 'yar jarrabawa da ya yi wa ɗalibansa a cibiyar Karolinska da ke Stockholm, don ya gane ko akwai abin da zai koya musu.

A kowace tambaya, mace-macen yara a ɗaya ƙasar a wancan lokacin ya ninka na ɗayar, saboda haka ba batun ɗan bambanci ba ne da za a yi gardama a kai. Amsoshin a lokacin su ne Turkiyya, Poland, Rasha, Pakistan da Afirka ta Kudu. Ɗaliban, waɗanda suke cikin mafi hazaƙa a ƙasar, sun ci 1.8 cikin 5 idan aka raba makinsu daidai. Sai Rosling ya kawo biri. Ya ce in aka miƙa wa biri ayaba biyu, ɗaya an rubuta mata Sri Lanka ɗaya Turkiyya, zai dace a rabin lokaci, wato zai ci 2.5. Da ya gwada furofesoshin cibiyar, abokan aikinsa, sai suka ci 2.4. Zauren ya kwashe da dariya, kuma kafin dariyar ta lafa ya riga ya ajiye maganar da ya zo da ita: wanda bai san komai ba zai ci rabi da canki kawai, don haka wanda ya ci ƙasa da rabi akwai wani tsohon hoton duniya a kansa da ke karkatar da shi zuwa amsar da ba ita ba.

Abin da ke burge ni a wannan buɗewa shi ne babu ko jimla ɗaya da ta tafi a banza. Akwai tambaya, akwai labari, akwai adadi mai ban mamaki, kuma duk ukun aiki ɗaya suke yi. Mai sauraro ya amsa tambayoyin a zuciyarsa tun kafin a faɗi amsa, kuma mai yiwuwa ya faɗi kamar yadda ɗaliban suka faɗi. Daga nan maganar ta tashi daga kan ɗaliban Sweden ta dawo kansa. In Turkiyya ce, to me kuma na ɗauka daidai ne alhali ba haka yake ba? Sauran jawabin gaba ɗaya amsar wannan tambaya ce. Sai dai kada wani ya kwaso birin ya kai gaban dattawan garinsu. Rosling ya tsira da shi ne domin ya haɗa da nasa mutanen, kuma a wurin da irin wannan barkwanci ba ya zama cin fuska. A nan, wulla kwabo sama ya isa ya nuna lissafin ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Masana sun daɗe suna bin diddigin abin da ke faruwa a irin wannan lokaci. George Loewenstein na Jami'ar Carnegie Mellon ya rubuta a 1994 cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura da giɓi tsakanin abin da ya sani da abin da yake so ya sani. Abin lura a bayaninsa shi ne sai mutum ya san wani abu kaɗan sannan giɓin ke damunsa. Wanda bai taɓa jin sunan wani gari ba, ba ya ƙaguwa ya san yawan mutanensa. Wanda kuma ya tabbata ya san amsa, ba shi da dalilin sauraro. Gwanin buɗe jawabi yana neman tsakiyar nan ne: ya taɓo abin da mutane suka sani, ya nuna musu cewa saninsu bai cika ba, sannan ya ɗan jinkirta cikon. Ni dai ina kallon buɗewa a matsayin bashi. Mai magana ya karɓi hankalin jama'a bisa alkawarin zai biya, kuma jikin jawabin ne biyan.

Wannan salo ba baƙo ba ne a kunnen wanda ya zauna a majalisin karatu. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Huraira inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai ko sun san wane ne matsiyaci. Suka ba da amsar da kowa zai bayar, wato wanda ba shi da kuɗi ba shi da kaya. Sai bayan sun amsa ya bayyana musu cewa shi ne wanda zai zo ranar alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, har a rarraba ladansa ga waɗanda ya zalunta. Tambayar ba ta fi ƙarfin kowa ba, amsar da aka bayar ba wauta ba ce, kuma saboda sun furta ta da bakinsu, gyaran ya zauna musu daram. Malaman tafsiri da suka iya aikinsu suna yin haka kullum a watan azumi, kuma za ka ji yadda masallaci ke yin tsit a ɗan tsakanin tambaya da amsa.

Bari mu bi aikin daki-daki da misali ɗaya. A ce malamin gona ne aka ba minti 15 a ƙofar fadar mai gari bayan La'asar, kaka ta yi, an kawo wake gida, kuma yana so ya shawo kan manoma su adana wakensu a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, su daina barbaɗa masa magani. Buhun ya samo asali ne daga binciken da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi tare da takwarorinsu a Maroua, arewacin Kamaru, kuma an fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2007. Yadda yake aiki ba shi da wuya. Ana zuba busasshen wake a ledar ciki, a matse iska, a murɗe baki a ɗaure, a ɗaure leda ta biyu daban, a ɗaure buhun waje daban. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu.

Malamin da bai ƙware ba zai fara da tarihin nan da na zayyana, da sunan jami'a da na hukumar da ta aiko shi. Manoman za su saurara don kunya, amma hankalinsu na kan Magariba. Gwani ba ya ma fara tunanin buɗewa sai ya gama tsara jikin magana. Yakan tambayi kansa abu biyu. Na farko, wace jimla ɗaya nake so su tafi da ita gida? A nan ita ce: ƙwaron yana cikin waken tun daga gona, kuma rashin iska ke kashe shi. Na biyu, me suka riga suka yi imani da shi da ya saɓa wa wannan? Da yawa suna ɗauka ƙwaro daga sito yake shiga, ko daga tsohon buhu, ko kuma waken ne da kansa ke haifar da shi in ya daɗe. Buɗewar tana tsakanin amsoshin nan biyu, kuma wanda bai same su ba, ko wace dabara ya ɗauko ado ce kawai.

In ya zaɓi tambaya, ga yadda za ta iya kasancewa. Bayan sallama da gaisuwa, ya ɗebo wake a tafin hannunsa ya ce, “Iyayena, ga tambaya. Mutum ya sussuke wakensa, ya sheƙe, ya shanya har ya bushe ƙayau, ya zuba a sabon buhu, ya ɗinke baki. Ba ƙwaro ko ɗaya da idonsa ya gani. Bayan wata uku ya kwance, sai gari da huji. To, ta ina ƙwaron ya shiga?” Sai ya yi shiru. Wannan shirun shi ne wurin da yawancin masu magana ke faɗuwa, domin daƙiƙa biyar a gaban taro tana yi wa mai tsaye tsawo, sai ya yi sauri ya amsa wa kansa. Gwani yakan ƙirga biyar a zuci, in ba wanda ya tanka ya juya wajen wanda ya san ba ya jin nauyin magana: “Baba, kai da ka fi mu daɗewa a harkar nan, me ka gani?” Dattijon ya ce daga sito ne. Wani daga baya ya ce a'a, zafi ne. Malamin ba ya cewa kowa ya yi kuskure. Yakan ce, “Madalla, an samu biyu. Akwai ta uku?”

Sannan ya bi layin gaba yana zuba wa kowa ƙwaya huɗu ko biyar a hannu, ya ce su kai kusa da ido. A jikin wasu ƙwayoyin akwai ɗan farin ɗigo manne da fata, ƙarami ƙwarai, wanda in ba an nuna wa mutum ba zai ɗauka ƙura ce. Wani ya sa farce ya kankare, ya ji a manne yake. Ƙwan ƙwaron ke nan. Uwar takan fara sa ƙwai tun wake yana gona a cikin kwansonsa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige cikin ƙwayar, ta yi ta ci daga ciki, sai ta zama ƙwaro sannan ta fito ta bar hujin nan mai zagaye. Manomin da kansa ya ɗauko shi a ka ya kawo gida, ya ɗinke buhu da shi. Gani ya kori ji. Duk wannan bai wuce minti biyu ba, kuma yanzu akwai tambayar da jama'a da kansu za su yi: in yana ciki tun farko, yaya za a yi da shi? Daga nan ya ɗaga buhun.

Dubi abin da ya sa tambayar ta yi aiki. Kowa a wurin ya taɓa kwance buhu ya tarar da ɓarna, don haka kowa yana da amsa. Amsar gaskiya ta saɓa wa ta yawancinsu, amma ana iya nuna ta a tafin hannu nan take. Kuma ba ta tona asirin kowa. Kwatanta ta da tambayoyin da muka saba ji. “Wa ke son ya samu riba a wakensa?” Kowa na so, ba abin da za a yi tunani a kai, sai dai a amsa da “mu ne” a ci gaba da hira. “Wa zai gaya mini sunan wannan ƙwaro a kimiyyance?” Ba wanda ya sani, kuma an fara da nuna wa mutane cewa ba su yi boko ba. Mafi muni ita ce, “Wa ke zuba fiya-fiya a wakensa a cikinku?” Ba mai ɗaga hannu a gaban mai gari ya amsa laifi, kuma daga lokacin duk wanda ke yi ya ɗaura ɗamarar kare kansa.

In adadi malamin ya fi so, yana da shi a hannu, amma sai ya sarrafa shi. Macen ƙwaron wake tana iya sa ƙwai da dama, har kusan 100, kuma a lokacin zafi daga ƙwai zuwa sabon ƙwaro bai cika wuce wata ɗaya ba. Faɗin haka kawai ba ya girgiza kowa. Sai ya ce, “Mu yi lissafi tare. A ce cikin 'ya'yan uwa ɗaya 40 ne kawai suka rayu, rabinsu mata. Ƙarshen wata na farko muna da mata 20. Kowacce ta ba da 20, wata na biyu nawa ke nan?” Wani matashi zai ce 400. Wata na uku 8,000. Wata na huɗu 160,000, daga uwa ɗaya tak. Ƙarfin wannan adadi yana cikin hawan da aka yi tare. Da ya faɗi 160,000 kai tsaye, da an ce malam ya cika baki. Da yake su suka ninka da bakinsu, ba mai musu. Kuma ya kyautu ya faɗa a fili cewa 40 ɗin misali ne ya ɗauka don sauƙin lissafi, domin a kowane taro akwai mai kaifin kai da zai tambaya daga ina aka samo.

Adadi ɗaya ake so a buɗewa. In aka jero uku, na biyu ya danne na farko, na uku ya danne duka. Kuma adadin da ya girgiza wani taro yana iya wucewa ta kan wani ba a ji ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, an kuwa sami har 4.6 a wasu kayan. In 'yan kasuwar Dawanau masu fitar da kaya waje ne a gabanka, wannan buɗewa ce mai kyau, da sharaɗin ka juya ta zuwa abin da kunne ke kamawa: an sami wake mai ɗauke da guba ninki 460 na abin da aka yarda. Ba mai riƙe 0.01 a ka, amma kowa ya san ninki. In kuwa manoman ƙauye ne da wakensu bai wuce kasuwar mako, Turai ta yi musu nisa. Abin da zai taɓa su shi ne tukunyar gidansu, da yaran da za su ci alalen da aka yi da waken.

Labari shi ya fi daɗi, shi kuma ya fi saurin kauce wa mai shi. Chimamanda Ngozi Adichie ta nuna yadda ake yi a jawabinta na 2009 a Oxford kan haɗarin sanin mutane ta labari guda. Ta fara da yarintarta a Nsukka, inda take karanta littattafan yara na Ingila da Amurka. Da ta fara rubuta nata labaran tana wajen shekara bakwai, duk mutanen ciki farare ne masu shuɗin ido, suna wasa a dusar ƙanƙara suna cin tuffa, alhali ba ta taɓa fita Nijeriya ba, kuma mangwaro ake sha a gidansu. Mutum ɗaya, wuri ɗaya, abu biyu ko uku da ido ke gani, kuma labarin da kansa shi ne hujjar jawabin a dunƙule. Ba ta tsaya bayanin unguwarsu ko sunayen malamanta ba. Ta kuma fara da kanta a matsayin wadda abin ya kama, don haka da ta zo kan yadda wasu ke kallon Afirka, ba wanda ya ji ana nuna shi da yatsa.

Malamin gonarmu zai iya bin wannan hanya in yana da labari na gaskiya, misali na manomin da ya ajiye buhu biyu don ya sayar in farashi ya tashi ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ranar da ya kwance a gaban mai saye ya tura hannu ya ji ɗumi, ya fito da shi da gari. Jimla biyar ko shida sun isa, kuma a fara daga ranar kwance buhun, ba daga ranar shuka ba. Ba a faɗin sunan mutumin ko ƙauyensa, don a karkara kowa ya san kowa. In labarin ƙirƙira ne, a ce “a ce wani manomi”, kada a ce “na san wani”. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi wa kowane labarin buɗewa: a cire shi a ga ko jawabin ya rasa wani abu. In bai rasa komai ba, labarin na wani jawabi ne. Wannan ne ciwon masu fara magana da barkwancin Bafulatani da Babarbare a taron da ba ruwansa da su. Ana dariya, dariya ta ƙare, sai mai magana ya ce “to, yanzu mu koma kan abin da ya tara mu”, wato ya shaida da bakinsa cewa abin da ya gabata ba ya ciki.

Akwai wata matsala da littattafan koyon jawabi na Turawa ba su san da ita ba. Su suna cewa ka hau mumbari ka jefa tambayarka tun kafin ka ce komai. A ƙasar Hausa wanda ya miƙe a gaban mai gari da liman ya fara magana ba sallama, ba bisimilla, ba gaisuwa, ya jawo hankali kam, amma a kan rashin tarbiyyarsa. Gwanayenmu ba sa tsallake gaisuwa, taƙaita ta suke yi. Sallama, salati a gajarce, “ranka ya daɗe, Allah ya gafarta malam, iyayena da 'yan'uwana, ina gaishe ku”, shi ke nan, musamman in mai gabatarwa ya riga ya jero sunaye da muƙamai. Sallamar ma taimako take yi, domin ita ce jimla ɗaya da dukan taro ke amsawa da murya ɗaya, kuma bayan amsar akan sami ɗan shiru da idanu duk suna kan mai magana. Wanda ya cika wannan shirun da jerin manyan baƙi goma sha biyu, kowa da sarautarsa da wanda ya wakilce shi, ya kashe mafi tsadar lokacin da zai samu. Haka wanda ya fara da ban haƙuri, wai shi ba gwanin magana ba ne, ko ba a sanar da shi da wuri ba. Tawali'u ne a nufinsa, amma abin da jama'a suka ji shi ne izinin su daina sauraro.

Ana gane buɗewa ta kama tun ba a gama ta ba. Hirar gefe takan mutu daga baya zuwa gaba, masu danna waya su ɗago kai, wani ya gyara zama, wani ya amsa tambayar da ƙarfi ba tare da an nuna shi ba. A taron mata za ka ga mai jijjiga goyo ta tsaya cak. In ba ta kama ba, alamar ita ce gyaɗa kai na ladabi daga layin gaba kawai, da “haka ne” da ke zuwa kafin a ƙarasa jimla. Idan haka ta faru, ƙara murya ba ya gyarawa, maimaita tambayar ma haka. Abin da ke ceto shi ne a sauko kan mutum ɗaya, a kira shi da girmamawa a tambaye shi abin da ya faru da nasa waken bara. Mutane ba sa iya ƙin sauraron maƙwabcinsu yana magana a bainar jama'a, ko don su ji abin da zai ce.

Tsawonta kuma yana da iyaka. A jawabin minti 15, minti ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa, kuma jimlolin farko uku ko huɗu su ne kaɗai ya kamata mutum ya haddace kalma da kalma, ya faɗe su da ƙarfi a ɗaki shi kaɗai har su zauna a harshe, saboda a nan ne murya ke rawa, kuma a nan ne ake buƙatar ido ya kasance kan jama'a maimakon takarda. Ya kuma tanadi jimlar da za ta haɗa buɗewar da jikin magana, irin su “tunda ƙwaron yana ciki, bari in nuna muku yadda ake toshe masa numfashi”. Sannan ya biya abin da ya ɗauka. Wanda ya buɗe da cewa zai faɗi abin da zai hana asarar ko ƙwaya ɗaya, alhali ya san ɓera na iya huda ledar, ko wake mai danshi ya lalace a ciki, ya yi alkawarin da buhun ba zai cika ba. Za a saurare shi yau, amma in ya dawo baɗi zai tarar da tabarmi ba kowa. Masu yaɗa buhun PICS sun fahimci wannan, shi ya sa sukan sa manoma su ɗaure wakensu a gaban jama'a, a ajiye, a dawo bayan watanni a kwance a gaban kowa.

Ba kowace magana ce ke son wannan gini ba. In an gano cewa waken da aka raba wa gidaje an zuba masa guba, ba a tara mutane a ce su canki abin da ya faru. Ana cewa kada kowa ya dafa waken nan, sannan a yi bayani. Haka sanarwar rasuwa, haka gargaɗin ambaliya, haka duk inda mutane suka zo da kunnuwansu a buɗe saboda abin ya riga ya dame su. Alƙali da ke shirin yanke hukunci ba ya buƙatar jawo hankalin wanda ake ƙara, kuma likitan da ke riƙe da sakamakon gwajin jini ya fara da sakamakon.